Wuƙar salak ba ta fasa ƙwai a shagona

Shagon abincina yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Muna sayar da shinkafa da salak, da dankali da wainar ƙwai, kuma a rana mukan ci kiret uku na ƙwai ko fiye. Kicin ɗin ɗan tsukuku ne, teburi ɗaya muke rabawa, shi ya sa maganar ƙwai ba na sassauta wa kowa.

Wata safiya na tsaya a bayan sabuwar yarinyar da na ɗauka. Ta riƙe ƙwai a hagu, ta ƙwanƙwasa shi da gefen wuƙa irin na masu shayi, ta juye a kwano. Sai ta goge wuƙar da tsumman kafaɗarta, ta jawo kabeji ta fara yankawa. Na riƙe mata hannu. Ta ce, "Hajiya, ai na goge." Na ce ta kalli ɓawon da kyau. Akwai busasshen kashin kaza da ɗan gashi a manne.

Ƙwayar cutar salmonela kan zauna a jikin ɓawo, wani lokaci har cikin ƙwan. Wanda ya shiga kasko wuta za ta kashe ta, in dai an bari fari da gwaiduwa suka daskare sosai. Kabeji da latas da tumatir kuwa ba za su ga wuta ba, abin da wuƙa ta shafa musu shi za a haɗiye. Ba wari, ɗanɗano bai canja ba. Mutum zai ci ya tafi lafiya, sai bayan awa shida, ko ma kwana biyu, gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki su taso masa. Rabin kabejin da wuƙar ta shiga na zubar, ina jin zafin kuɗina.

Yanzu salak muke fara yankawa, a rufe shi a sa a firji, sannan kiret ya shigo. Ƙwai yana da kusurwarsa kusa da murhu. A kan faranti ake fasa shi, ɗaya bayan ɗaya cikin ƙaramin kofi, ɓawon ya wuce bokitin shara kai tsaye, ba a mayar da shi kiret. Wanda ya zo a tsage ba ma amfani da shi. Ba ma wanke ƙwai mu ajiye, don ɓawo na da ƙananan ƙofofi, ruwa na iya tura dattin ciki.

Inda aka fi mantawa shi ne bayan suya: kwanon da aka kaɗa ƙwai da cokalinsa ba sa komawa kan wainar da ta soyu. Mai fasawa kuma sai ta wanke hannu da sabulu, kamar daƙiƙa 20, kafin ta taɓa burodi ko marfin tukunyar shinkafa. Tsumman nan dai har yau muna faɗa a kansa. Jiya ma biyu na ƙwace.