Yadda na nemi izinin Malam kafin in yanka tsofaffin karatuttukansa

Imel ɗin farko da na aika bai samu amsa ba, kuma laifina ne. Na cika shi da yabo, sannan na roƙi izinin "yaɗa karatuttukan Malam" gaba ɗaya. Malamin da ya san nauyin maganarsa ba zai amince da wannan ba, domin bai san inda almakashi zai faɗa ba.

A na biyu, kan saƙon ma ya faɗi buƙatar: neman izinin yanka minti uku daga tafsirin azumin 1998. Bayan sallama da "Allah Ya gafarta Malam", na gabatar da kaina a layi biyu, na ambaci almajirinsa da ya san ni. Yawanci almajiri ne ke buɗe imel ya karanta wa Malam, shi ya sa na taƙaita. Na faɗi lambar kaset, da cewa zan ɗauka daga minti na 41 zuwa na 44, zan sa a YouTube da WhatsApp, babu talla, babu wani sauti a ƙarƙashin murya. Na rubuta taken da zan sa. Na kuma haɗa gutsuren kansa a MP3, wajen megabait uku. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, don haka cikakken karatun sai dai ta mahaɗi.

Amsa ta zo da muryar Malam, da gyara biyu. Ya ce in fara daga minti na 38, inda aka karanto tambayar da yake amsawa a gutsuren, saboda hukuncin na mai dukiyar kasuwanci ne, in aka cire tambayar sai a ɗauka na kowa ne. Na biyun ban taɓa tunaninsa ba. A gutsuren ya faɗi nisabin zakka da naira. Nisabin zinari dinari ashirin ne, bai canza ba, amma kimarsa a naira ta 1998 ba ta yau ba ce, wanda ya ji yanzu zai yi lissafi a kan kuskure. Ya ce shekarar ta tsaya a jikin bidiyon daga farko har ƙarshe, domin bayanin da ke ƙasa ba ya bin bidiyo idan an tura shi gaba. Tun daga nan nake tambaya ko akwai fatawar da Malam ya janye a karatun.

Izinin Malam kuma bai rufe haƙƙin wanda ya naɗi karatun ba, ko gidan rediyo ne ko kwamitin masallaci. Idan suka kai ƙorafi YouTube za a sauke bidiyon, gargaɗi uku kuma na iya rufe tasha. Na nemi nasu izinin daban, sannan na rubuta sharuɗɗan Malam a imel, almajirin ya amsa da "haka ne", na adana shi tare da muryar.