Gado na bakwai

Gardina na farko na dare ya faɗo a watan Satumba, lokacin da duk wanda ya san Maradi ya san yadda ɗakin yara yake. Ruwan damina ya kwanta a unguwanni, sauro ya samu wuri, masassara ta cika gadaje. Yara biyu a gado ɗaya, wani wurin uku, uwaye a ƙasa kan tabarmi. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, an haɗa ni da wata ma'aikaciya da ta daɗe a wurin, kowa Tanti yake ce mata. Mu biyu ne a kan ɗakuna biyu.

Ba zan ja zance kan farkon daren ba. Na auna zafin jiki, na ƙirga numfashi, na haɗa allurar artesunat, maganin masassara mai tsanani, kamar yadda aka koya mana, duk ya tafi daidai, har na fara jin kaina wani abu. Abin da har yau yake hana ni sukuni ya faru ne bayan ƙarfe 2.

Da muka karɓi aiki, ma'aikacin yamma ya ce: "Na gado na bakwai jininsa ya yi ƙasa sosai, an kai samfuri labo, in jini ya samu a sa masa." Na rubuta a tafin hannuna da biro: gado 7, jini. Iyakar abin da na rubuta ke nan. Ban rubuta sunan mahaifi ba, ban rubuta lambar dosiye ba. Na je na dubi yaron sama-sama, ɗan wata goma sha huɗu, kilo 9, masassara mai tsanani, awon jininsa 3.8. Duk yaron da ya sauka ƙasa da 4 jini ake sa masa, babu jira. Sunansa ba zan faɗa ba, sirrin majinyaci ne, amma suna ne da kusan kowane gida a ƙasar Katsina da Gobir yake da mai shi.

Wajen ƙarfe 12 Tanti ta tura ni ɗaki na biyu in ba da magungunan tsakar dare. Ina can numfashin yaron ya ƙara tsananta, ta ɗauke shi ta mayar da shi gado na biyu, kusa da injin oksijan. Gurbin da ya bari bai yi minti goma ba aka kawo wani yaro daga sashen gaggawa aka kwantar. Shi ma namiji, shi ma masassara, shi ma an riga an sa masa allurar jijiya a bayan hannu. Kuma sunansu ɗaya. Ni duk ban sani ba, allon bango da ke nuna yaron da ke kowane gado kuwa bai canza ba.

Ƙarfe 2 da minti 10 na karɓo ledar jini daga labo, da sanyinta a hannuna. Na dawo na tarar Tanti tana kan wata yarinya da ke jijjiga. Ta ɗago kai ta ce: "Shirya komai, ina zuwa. Kada ki haɗa sai na zo." Na nufi gado na bakwai kai tsaye. Hasken ɗakin ba shi da ƙarfi, yaron yana lulluɓe da zane, na buɗe tafin hannunsa na gan shi fari. Na sunkuya na tambayi uwar: "Shi ne wane?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "I, likita." Na rataye ledar, na huda ta, na cika igiyar da jini har ƙarshe, na goge bakin allurar hannunsa. A raina ina cewa jini ba ya son jira, an ce cikin minti 30 da fitowarsa daga firji a fara, ga Tanti hannunta a cike, in na haɗa na rage mata aiki. Wallahi bakin igiyar yana tsakanin yatsuna lokacin da na ji muryarta a bayana.

"Ɗiyata, wa ya ce ki haɗa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi igiyar daga hannuna ta rataye ta a sama, ta ciro takardar da ta zo da jinin, ta durƙusa gaban uwar. Ba ta tambaya irin tawa ba. Ta ce: "Mi sunan yaron?" Matar ta rufe baki da gefen mayafi. Ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba. Sunan mahaifinsa kuwa ai sunan mijinta ne, shi ma ba za ta faɗa ba. Ni da na tashi cikin wannan al'ada, uwata har yau ba ta kiran sunan yayana, amma ban taɓa kawo wa raina cewa alkunya za ta iya shiga tsakanina da majinyaci ba. Tanti ta saba. Ta ce: "Daga wane gari kuka zo? Ba ni katin asibitin shi." Matar ta ce daga wajen Madarunfa suke, ɗazu suka iso. Takardar jinin kuwa ta yaron da aka kawo tun safe ce daga Tibiri. Sunan mahaifi daban, lambar dosiye daban, nauyi daban: wannan kilo 7 ne.

Ƙafafuna suka mutu. Na ce: "Tanti, ai an ce gado na bakwai." Ta ce: "Gado ne ke bukatar jini?"

Ta iya barin maganar nan ta wuce gado na biyu, amma ta tsaya minti biyu don in gani da idona. Ta ciro katin gwajin bakin gado, wanda ake yi kafin a sa kowane jini ko da labo ya riga ya yi nasa. Katin yana da gurabe huɗu: biyu na majinyaci, biyu na ledar, kowane ɓangare da ruwan gwajin A da na B. Ta tsaga yatsan yaron ta ɗiga jininsa a nasa guraben, ta ɗiga na ledar a sauran, ta juya kowane da tsinkensa daban. Na yaron ya zauna sumul a duka biyun, wato rukunin O ne. Na ledar kuwa, a gurbin B, ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta lalace a kan wuta. Ta miƙo min katin ta ce: "Abin da zai faru cikin jijiyar shi ke nan."

Mun karanta wannan a aji, na ma ci jarrabawarsa. Mai rukunin O jikinsa yana ɗauke da abin da ke yaƙar jinin A da na B tun kafin ya taɓa haɗuwa da su. Da jinin B ya shiga, ƙwayoyin jinin za su fara fashewa nan take, zafi ya tashi, jiki ya kama kyarma, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda ta tsaya, hawan jini ya faɗi. Ba sai leda ta ƙare ba, kaɗan ma ya isa. Babba zai ce miki bayansa na ciwo ko ƙirjinsa ya ɗaure. Jariri ba shi da baki, kuka kawai zai yi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne duk alamun nan masassara mai tsanani ma tana kawo su, har da baƙin fitsarin. Da na haɗa, da wataƙila sai mu ce ciwon ne ya tsananta, mu bar jinin yana ta ɗiga. Kuma yaron nan awon jininsa 8 ne, ba ya ma bukatar ƙari. Farin tafin hannun da na dogara da shi, rabin yaran ɗakin haka nasu yake a wannan wata.

Muka wuce gado na biyu. Tun da igiyar ba ta taɓa jikin kowa ba, jinin bai ɓaci ba. A nan kakar yaron ce ke zaune, ta faɗi sunansa da na ubansa da garinsu ba tare da an sa mata a baki ba. Tanti ta sa ni karanta takardar da ƙarfi, ita tana bin dosiye da yatsa, sannan muka duba lambar ledar da ranar ƙarewarta. Sabon kati, B da B, gudajin ya fito iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Ta ce in yi lissafin da bakina. Mililita 20 a kowane kilo, kilo 9, ya zama 180. Za a ba shi cikin awa uku, minti 180 ke nan, mililita ɗaya a minti. Igiyar jini ɗigo 20 ne ke cika mililita, don haka ɗigo 20 a minti. Muka fara ƙarfe 2 da minti 38. Saura minti biyu wa'adin ya cika, kuma ni na cinye lokacin, yaron da ke haki yana jira ina can ina hidima da wanda ba shi ba.

Ta ce in zauna, kada in motsa minti 15 na farko, domin a nan ne mummunan abu ya fi bayyana. Na ɗauki zafinsa da bugun zuciya da numfashi kafin a fara, na sake bayan minti 15, ina riƙe da agogo ina ƙirga ɗigo. Ta ce in na ga ya canza, ko yaya, in rufe igiyar tukuna sannan in kira ta, kada in cire allurar hannun. Hannuna bai daina rawa ba sai wajen kiran assalatu, lokacin da numfashinsa ya fara sauka, leɓɓansa suka ɗan yi ja.

Har yanzu ina jin haushin allon nan da ba a goge ba, da yadda aka miƙa mana yaro da lambar gado kamar buhun gero a sito. Amma in na natsu, ni ce na rubuta "gado 7" a hannuna. Ni ce na sa wa matar amsa a baki. Wadda ta baro ƙauye da dare da ɗa a hannu, ta ga mai farar riga ta zo da jini, duk abin da aka tambaye ta "i" za ta ce, balle sunan ma gaskiya nasa ne. Kuma an ce min kada in haɗa, na ji da kunnena, na ga kamar taimako zan yi. Tun daga ranar ba na tambayar "shi ne wane?" Cewa nake a faɗa min. In uwa ta yi alkunya ba na matsa mata, in nemi kaka ko katin asibiti, in tambayi gari, sai abu biyu aƙalla sun dace da takarda, kuma lambar gado ba ta cikin lissafi.

Da gari ya waye na ɗauka maganar ta mutu tsakanina da Tanti, tun da ba abin da ya samu kowa. Sai ta turo min littafin rahoto ta ce in rubuta da hannuna, da lokaci da komai. Na ce: "Tanti, don Allah, za a kai wa makaranta." Ta ce ita ma za ta rubuta nata, cewa ta sauya wa yaro gado ba ta gyara allo ba, ba ta kuma gaya min ba. Ta rubuta a ƙarƙashin nawa ta sa hannu.

Kafin masu aikin safe su iso ta yanko filasta dogaye, ta ba ni alƙalami mai kauri. Muka bi gado-gado muna rubuta suna da sunan mahaifi da lambar dosiye, muna naɗa wa kowane yaro a ƙafa. Da na iso gado na bakwai yaron yana shan nono. Uwar ta miƙo min ƙafarsa, ta ce: "Sannu da aiki, likita, kin kwana tsaye." Na amsa, na kasa kallon idonta, na naɗa filastar.