Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littattafan Aro

A makon jiya na tsaya a inda aka sallami Inna daga asibiti. Mako uku cif na yi ina jinyarta, na dawo makaranta saura kwana goma sha biyu jarrabawa. Darasin tarihin Daular Sakkwato ya fi tayar mini da hankali, don lacca shida ta wuce ni, kuma malamin ba ya raba takarda, da baki yake bayani kowa ya rubuta abin da kunnensa ya kama.

Na aro littattafai uku. Na ƙawata ta ɗaki rubutunsa tsaf, amma ta cika taƙaitawa. Na biyu na wata 'yar Gusau ne, ita har tarin malam sai ta rubuta. Na uku na wani ɗan ajinmu ne mai zama a baya. Na ɗauki na 'yar Gusau a matsayin ginshiƙi, na jera laccocin bisa kwanan wata, na raba kowane shafi na sabon littafina gida biyu. Abin da suka yi ittifaƙi a kai ya tafi dama, saɓani kuma hagu da jan biro.

Hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto duk sun ce 1804, ba gardama. A faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka rabu. Ƙawata da ɗan baya sun rubuta 1806, 'yar Gusau ta ce 1808. Na ce ai biyu sun rinjayi ɗaya, har na soma rubuta 1806.

Sai idona ya faɗa kan wani abu. A littafin ƙawata an rubuta "Alƙawala", haruffa sun juye. Na duba na ɗan baya, shi ma "Alƙawala". Layin da ta tsallake a kan mutuwar Sarkin Gobir Yunfa, shi ma babu shi a nasa. Gabana ya faɗi. Ashe bai halarci laccar ba, nata ya kwafa. Shaidu biyun da na dogara da su mutum ɗaya ne.

Washegari na duba littafin tarihi a laburare, na ga 1808. Duk da haka na tari malam a ƙofar ofis.

"Allah gafarta Malam, Alƙalawa a 1808 ta faɗi?"

"Haka ne. Ya jikin mahaifiyar taki?"

Ban san ya ji labarin ba, sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Daren nan na koma farko, na daina ƙirga ɗan baya a duk laccar da kalmominsa suka zo daidai da na ƙawata. Saɓani huɗu suka rage. Na mayar mata da littafinta da gyaran a gefe da fensir.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar jarrabawar.