Kafin Ka Ba da Aikin Rubuta Sabon Shafi

Wani matashi da muke kula da shafin bayanan noma tare ya fitar da jerin kalmomin da masu ziyara suka nema ba su samu sakamako ba, kuma kafin azahar har ya fara raba wa marubuta aiki, kowace kalma da maƙalarta. Na dakatar da shi, domin ni ma wannan hanya na bi a farkon aikina.

A lokacin, kalmar da ta fi yawa a jerina ita ce "hatsi". Na sa aka rubuta dogon bayani a kan hatsi gaba ɗaya, alhali masu neman mutanen Maraɗi da Damagaram ne, waɗanda a bakinsu hatsi shi ne gero, kuma shafukan gero suna nan cike. Haka na yi da "gyada", wadda ba ta fito ba kawai saboda mun rubuta "gyaɗa" da ɗ mai lanƙwasa, su kuwa wayoyinsu ba su da harafin. Ina iya cewa babu wanda ya koya mini, kuma Google Analytics, mai ƙididdige ziyarar shafi, yana adana abin da aka nema a `search_term` ne kurum, ba ya nuna adadin sakamako sai an tsara masa. Wannan gaskiya ne. Amma da na duba abin da mutum ya sake bugawa a cikin ziyara ɗaya, da na ga "gero" yana bin bayan "hatsi". Gaggawar nuna wa shugabanni aiki ce ta hana ni.

Saboda haka, ƙanena, kada ka rubuta komai sai ka nemi kalmar da hannunka ta kowane rubutu. Idan matsalar haruffa ce, `asciifolding` na Elasticsearch, injin binciken cikin shafi, yana mayar da ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b, ko da yake zai haɗe maka "ƙasa" da "kasa". Idan bambancin karin harshe ne, layi ɗaya a jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya da injin ke dubawa lokacin nema ya wadatar:

```
hatsi => hatsi, gero
```

Sai dai kada ka amince da irin wannan layi ido rufe, domin "gujiya" gyaɗa ce a Sakkwato da Nijar, a wurin Bakano kuwa gurjiya take nufi, wadda wani amfani ne daban. Yaran yanzu sukan kwafi jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya su liƙa, ba su taɓa tambayar manomi ko ɗaya ba.

Na ce kada ka rubuta, amma akwai inda jinkiri ya fi muni. Bayan tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, duk shafin da ya ga "tsutsar masara" tana maimaituwa daga mutane daban-daban, ba mutum guda mai ta dannawa ba, kuma babu ta a ƙarƙashin wani suna, kamata ya yi ya wallafa bayani a makon, tun masarar tana gona.