Kashi biyu da ya fi kashi uku tsada

Ban cika wata shida da fara aikin akanta a wani ƙaramin kamfani ba aka miƙo mini takardu biyu, aka ce in duba wanne rance ya fi sauƙi. Duka biyun na 120,000 ne, a biya cikin wata goma sha biyu. Na farko kuɗin ruwansa kashi 2 cikin ɗari a wata, na biyu kashi 3. Ban ɓata lokaci ba, na rubuta cewa a karɓi na farko, na kai wa babban akantanmu. Ya duba, ya ɗago kai ya tambaye ni: kashi 2 na me?

Na ce, ranka ya daɗe, na bashin mana. Ya ce in je in ɗauko jadawalin biya na kowanne, in bi shi layi-layi, sannan in dawo.

A jadawalin na farko, kowane wata za mu biya 12,400. A ciki 10,000 uwar kuɗi ce, 2,400 kuma ruwa. Abin da ban lura da shi ba tun farko shi ne wannan 2,400 ɗin ba ta motsi. A watan farko, lokacin da duka 120,000 ke kanmu, 2,400 ce, kuma gaskiya ne kashi 2 ke nan. Amma a wata na bakwai mun riga mun mayar da rabin kuɗin, saura 60,000, ruwan yana nan 2,400, wato ya zama kashi 4. A watan ƙarshe, da 10,000 kaɗai ta rage, har yanzu 2,400 ce: kashi 24 cikin ɗari a wata guda. Ana lissafa mana ruwa ne a kan kuɗin da muka karɓa ranar farko, har da wanda muka daɗe da mayarwa. Jimillar ruwan shekarar 28,800.

Na biyun kuwa a kan abin da ya rage ake lissafa shi. Watan farko 3,600, na biyu 3,300, na uku 3,000, haka yake sauka da 300 duk wata har ya kai 300 a ƙarshe. Da na tara, sai na samu 23,400. Na sake tarawa don ban yarda ba. Mai kashi 3 ya fi mai kashi 2 arha da 5,400, tun ba a zo maganar caji ba.

Daga ranar, abin da nake fara kallo a kowane jadawali shi ne layin ruwa. In lambar ɗaya ce daga sama har ƙasa alhali bashin yana raguwa, to kason da aka rubuta a gaban takarda kusan rabin na gaskiya ne. Dalilin ba shi da wuya. Wanda ke mayar da 10,000 duk wata bai riƙe 120,000 tsawon shekara ba. In aka daidaita watannin, abin da ke hannunsa 65,000 ne. Ruwan 28,800 a kan 65,000 ya haura kashi 44 a shekara, ga shi kuma takardar tana nuna kashi 2 a wata, wato 24 a shekara. Lissafin kai-tsaye ne, yana ɗan zarce na ainihi, amma ya isa ya farkar da mutum.

Na koma wurin babban akanta ina jin na gama. Sai ya sake tambaya: nawa ne zai shigo asusunmu ranar da aka saki kuɗin?

Amsar ba ta cikin jadawalin ko kaɗan, tana shafi na uku na yarjejeniyar. Rancen farko yana da cajin buɗe fayil kashi 3, wato 3,600, da inshora kashi 1, wato 1,200, kuma za a cire su ne tun kafin a ba mu. Abin da zai iso hannunmu 115,200 ne, amma ruwa da biya duk a kan 120,000 aka gina su. Na biyun ba shi da ko ɗaya. To, za mu karɓi 115,200, mu mayar da 148,800. Bambancin, 33,600, shi ne abin da rancen zai ci mana, ko da wane suna aka raɗa wa ɓangarorinsa. A nan na daina damuwa da sunaye. Ko an ce ruwa, ko caji, ko kuɗin fom, tambayata uku ce: me ya shigo, me ya fita, kuma a wace rana.

Ranar tana da muhimmanci, don 4,800 da aka cire tun farko ta fi nauyi a kan 4,800 da za a karɓa bayan shekara. Shi ya sa jimilla kaɗai ba ta isa a kwatanta rance biyu ba, musamman in tsawonsu ya bambanta. Abin da ake nema shi ne wannan: a ce wani ya ba mu 115,200 a kan tsarin na biyu, mai lissafi a kan abin da ya rage, kashi nawa zai sa har biyan 12,400 sau goma sha biyu ya kashe bashin daidai, ba saura ba ƙari? Da hannu sai an yi ta gwaji. A Excel layi ɗaya ne:

```
=RATE(12,-12400,115200)
```

Lambar farko yawan biya ce, ta biyu abin da ke fita duk wata, shi ya sa take da alamar ragi, ta uku kuma abin da ya shigo hannu da gaske. Amsar kusan kashi 4.2 ce a wata. In an ninka sau goma sha biyu, kimanin kashi 50 a shekara. In kuma an bar ruwa yana hawa kan ruwa, kimanin 63. Duka biyun ana amfani da su, abin kiyayewa kawai kada a auna rance ɗaya da wannan, ɗayan da wancan. Na gwada sa 120,000 a gurbin 115,200 don in ga rabon cajin, sai ta ba ni kusan 3.5. Ashe cajin da na raina, kashi 4 sau ɗaya tak, ya ƙara wajen 0.7 a kowane wata.

RATE na aiki ne idan biyan iri ɗaya ne duk wata. In yana hawa yana sauka, kamar na rancen na biyu, sai a jera abin da ya shigo da duk abin da ya fita a layi ɗaya, wata bayan wata, abin da ya fita da alamar ragi, a yi amfani da IRR, ɗan'uwan RATE a Excel. Na yi wa na biyun haka, ta dawo mini da kashi 3 cif. Wannan ya kwantar mini da hankali, don rancen da ake lissafa shi a kan ragowa kuma ba shi da caji, dole amsarsa ta zo daidai da abin da aka rubuta. In ba ta zo ba, ko na yi kuskure, ko akwai abin da aka cusa a jadawalin da ba a faɗa ba.

Abu ɗaya ya rage wanda lissafin bai iya gaya mini ba, sai da na sake karanta yarjejeniyar. Muna sa ran wasu kuɗi a tsakiyar shekara, kuma da niyyar mu biya bashin gaba ɗaya bayan wata shida. A na biyun, 60,000 da ta rage za mu ba su, magana ta ƙare. Na farkon ya rubuta cewa mai biya da wuri zai biya duk ruwan da ke jadawalin, wato 60,000 da ƙarin 14,400 na watannin da ba mu riƙe kuɗin ba, kuma caji ba ya dawowa.

Na yage takardar shawarata ta farko, na rubuta wata. A sama na sa 33,600 da 23,400, a ƙarƙashinsu 4.2 da 3, na haɗa da jadawalan biyu na mayar masa. Ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin 115,200, ya sa hannu.