Inda na kai da madubin likita: bakin mahaifa mai lafiya da mai sankara

Ƴan uwa abokan koyo, barkanmu da ƙoƙari. A wannan zango na ajiye sauran gilasai gefe, na tsaya kan nama guda, wato fatar bakin mahaifa. A akwatin gilasan koyarwa da muke aro nan Maradi akwai guda uku da suka dace da juna: ɗaya na mai lafiya, ɗaya an rubuta masa CIN 3, wato ɓacin ƙwayoyin fata da bai kutsa cikin nama ba tukuna, ɗaya kuma sankara ce da ta kutsa cikin nama. Babu sunan kowa a kansu, lamba ce kawai. Abin da na ƙaru da shi, wanda nake so ku gwada da idonku, shi ne ƙwaya ɗaya ba ta isa a yanke mata hukunci ba. Tsarin zaman ƙwayoyin ake fara dubawa, sannan a gangara kan cibiyarsu.

Rinin duka ukun iri ɗaya ne, hematoksilin da eyozin. Hematoksilin, wanda ake samu daga itacen wata bishiya ta Amurka ta Tsakiya, shi ke kama cibiyar ƙwaya ya mai da ta shuɗiya mai duhu kamar shuni. Eyozin kuma ya kama jikin ƙwayar da zaruruwan nama ya ba su launi ja-ja. An jiƙa naman a formol, an daskarar da shi cikin farafin, an yanka shi da kaurin mikiron 3 zuwa 5. Saboda haka duk inda kuka ga shuɗi ya yi yawa, cibiyoyi ne suka cunkushe a wurin, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna muku inda za ku nufa tun kafin ku ƙara girma.

Ku fara da gilashin mai lafiya a ƙaramin ido mai lamba 4, sannan mai lamba 10. Za ku ga fatar a shimfiɗe sahu-sahu a kan naman da ke ƙasanta, kuma iyakar da ke tsakaninsu a miƙe take, sumul, ko da tana ɗan hawa da sauka. Sahun ƙasa jeri ɗaya ne na ƙananan ƙwayoyi masu duhu, a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Su ne masu haihuwa. Da an hau sama kaɗan sai ƙwayoyin su fara faɗi, jikinsu ya ƙaru, cibiyoyi su nisanci juna. A tsakiya jikin ƙwayar yakan zama wasai, kamar babu komai a ciki, saboda gilikojen da ta tara. A can sama kuwa sun kwanta sun baje, cibiyar ta tsuke ta koma ɗan ɗigo baƙi. Idan ido ya tashi daga ƙasa zuwa sama, launi yana tafiya daga duhu zuwa haske. Ƙwayar tana girma, tana balaga, tana tsufa, kowane mataki a sahunsa. Ku daɗe a kan wannan gilashi har ya zauna muku a ka, domin da shi za ku auna sauran.

Da kun ɗora na CIN 3 a daidai wannan girma, abin da zai fara bugun idonku shi ne hasken nan na sama ya ɓace. Fatar ta zama shuɗiya daga ƙasa har sama. Ƙwayoyi irin na sahun ƙasa sun cika ko'ina, ba su balaga ba, ba su kwanta ba, wasu ma sun karkace kowacce ta fuskanci inda ta ga dama. Da wannan ake auna matakin cutar: in ɓacin ya tsaya a kashi ɗaya bisa uku na ƙasa, mataki na 1 ne, in ya kai kashi biyu bisa uku na 2 ne, in ya wuce haka har ya game kaurin fatar na 3 ne. Nan ne ma na gane dalilin gwajin da ake yi wa mata da ruwan lugol a asibiti. Fata mai lafiya tana da gilikojen, shi ya sa take kama ruwan ta yi duhu. Wadda ta ɓaci ba ta tara shi ba, sai ta tsaya rawaya. Abin da unguwarzoma ke gani da ido a ɗakin awo shi ne wannan sahun tsakiya da ya ɓace a gilashinmu.

Sai a juya zuwa ido mai lamba 40, inda girman ya kai ninki 400 idan idon sama mai lamba 10 ne. A nan kuna buƙatar ma'auni, kuma yana cikin gilashin. Ku nemi jar ƙwayar jini a wata jijiya da ke ƙasan fatar, faɗinta wajen mikiron 7 ne. Ko ku nemi limfosit, ƙaramar farar ƙwayar jini mai cibiya zagayayya, wadda girmanta bai yi nisa da haka ba. Ku kwatanta cibiyar da kuke zargi da su. A ƙwaya balagagga mai lafiya cibiyar ba ta wuce kashi ɗaya cikin 4 zuwa 6 na jikin ƙwayar ba. A ƙwayar sankara tana iya kumbura har ta yi kunnen doki da jikin, ya rage ɗan siririn ja kawai a kewaye. Bayan girma sai launi: ta sha rini ta yi duhu, kuma duhun ba lallausa ba ne, gudaji-gudaji ne da farin fili a tsakani. Sai gefenta, wanda ya kamata ya zama sumul amma ya yi lanƙwasa da tsaga. Abin da na fi dogara da shi a cikinsu duka shi ne rashin kama da juna. Ku ɗauki cibiyoyi goma da ke maƙwabtaka. A fata mai lafiya kusan girma ɗaya suke, siffa ɗaya. A nan kuwa wata ta ninka ta kusa da ita sau biyu ko uku, wata doguwa, wata mai kusurwa.

Rabuwar ƙwaya ita ma tana magana, amma sai an lura da inda take da kuma siffarta. Ganin ƙwaya tana rabuwa a sahun ƙasa ba komai ba ne, aikinsu ke nan. Ganinta tana rabuwa a rabin sama na fatar shi ne abin tsayawa. Mafi ƙarfi kuma shi ne rabuwar da ta fita ƙa'ida, wadda maimakon ta ja gida biyu sai ta yi rassa uku ko huɗu. David von Hansemann ya bayyana irin wannan karkatacciyar rabuwa a ƙwayoyin sankara tun 1890. Ku yi hattara da ƙwayar da ke mutuwa, don tana yaudarar ido ƙwarai. Ita cibiyarta dunƙule take, zagayayya, santsi, jikinta kuma ya tsuke ya yi ja sosai. Mai rabuwa gefen baƙin nata yana da ƴan gasu-gasu, ba fatar cibiya a kewaye, jikin kuma bai yi ja ba. Ku riƙa murza ƙaramin makunnin daidaita gani a hankali, sama da ƙasa, gasun za su fito in suna nan.

Duk da wannan muni, a gilashin CIN 3 iyakar ƙasa tana nan a miƙe. Ƙwayoyin sun ɓaci amma ba su tsallaka ba, kuma a wannan mataki ba su da hanyar zuwa wani wuri a jiki, domin jijiyoyin jini da na ruwan jiki suna ƙasan iyakar. Shi ya sa ake iya magance ta a wurin da take. Gilashi na uku ne ke nuna abin da ke faruwa in sun tsallaka. Ku koma ido mai lamba 4. Za ku ga fatar ta zubo cikin naman ƙasa, tsibiri-tsibiri, masu baki kaca-kaca da tsinin kusurwa, wasu ƙwaya biyu ko uku ne kacal a ware. Naman da ke kewaye da su ya canza, ya yi fari-fari mai ratsin shuɗi, cike da dogayen ƙwayoyi da na kumburi, martanin jiki ne ga baƙon da ya shigo. Wani abin mamaki kuma, ƙwayoyin da ke bakin kutsen sukan fi na sama yawan jiki da ja, kamar sun balaga, alhali a ƙasa suke inda bai kamata ba. A tsakiyar wasu tsibiran na samu dunƙulen keratin, zobe cikin zobe, kamar an yanka albasar Galmi a tsakiya, sai dai launinta ja mai haske. Keratin a saman fata take zama in za ta zama. Ganinta a dunƙule can cikin nama shaida ce babba.

Akwai abubuwa biyu da ke kwaikwayon kutse, kuma mai aikin ɗakin gwaji da ke taimaka mana ya nuna mini su a gilashin CIN 3 ɗin nan. Na ga wani tsibiri shuɗi a ƙasan fatar, na ce, “Malam, wannan fa?” Ya leƙa ya ce, “Ƙanena, bi bakinsa da ido ka kewaye.” Bakin zagayayye ne, sumul, naman kewaye kuma lafiyarsa ƙalau. A gefe ɗaya ma akwai sauran dogayen ƙwayoyi masu majina. Ƙwayoyin da suka ɓaci sun gangara ne cikin wani rami mai fitar da majina na bakin mahaifa suka cika shi, ba su fasa iyaka ba. Na biyun shi ne yanka a karkace. In wuƙar ta bi fatar a kaikaice, ƴan tudun da ke ƙasanta sai su fito kamar tsibirai a ware, amma bakinsu santsi ne, kuma girmansu da jerinsu sun yi kama da juna.

Fata mai warkewa daga miki ko kumburi ita ce ta fi ba ni wuya har yanzu. Cibiyoyinta manya ne, kowacce da ɗan ɗigo bayyananne a ciki, har da rabuwa nan da can. Abin da ke raba ta da sankara shi ne cibiyoyin sun yi kama da juna, gefensu sumul, launinsu lallausa mai haske, ga fararen ƙwayoyin jini masu cibiya gaɓa-gaɓa sun kutsa tsakani. Wani lokacin likitan nazarin nama ma sai ya ƙara da rinin p16, wanda ke kama fatar da ƙwayar cutar HPV mai haɗari ta ɓata, kafin ya sa hannu. Nau'i na 16 da na 18 na wannan ƙwayar cuta su ke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Sakamakon mara lafiya aikin wannan likita ne, mu ido muke horarwa.

Ƙurar hunturu ta fara, kuma ɗigonta a kan gilashi yana kama da cibiya mai duhu. In kun juya idon sama ɗigon ya juya tare da shi, a idon yake. In ya ɓace da kun daidaita gani kan naman, a saman gilashin yake, ku goge da takarda mai laushi. Ku riƙa mayar da gilasai cikin akwati, domin haske yana kashe rini, kuma cibiyar da ta koɗe ba a iya auna duhunta. Zango mai zuwa zan shiga cikin bakin mahaifar, inda fatar jeri ɗaya ce ta dogayen ƙwayoyi, cibiya a gindi majina a sama. A can babu sahu-sahu da za a bi, sai dai a duba ko cibiyoyin sun bar gindi sun hau kan juna.