Ƙaiƙayin gaba da dare: yadda muke gane ƙazuwa, da dalilin yi wa gida duka magani

A asibitin sha-ka-tafi da nake aiki a yankin Argungu, wani magidanci ya zo da ƙaiƙayin gaba mai hana shi barci. Ya ce da rana da sauƙi, amma da ya kwanta jiki ya ɗumama sai abin ya taso. Ya riga ya sha maganin sanyi, ya kuma shafa man nan na kemis mai kashe ƙaiƙayi nan take, wanda ke ɗauke da sitiroid. Irin wannan mai yana ɓoye kamannin ƙurajen ne kawai, ƙwaron ƙazuwa kuwa sai ƙara yawa yake.

Kafin in duba gaban, hannunsa na fara dubawa. Ƙazuwa ƙaramin ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami cikin fata, kuma yana da wuraren da ya fi so: tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu, ɗuwawu, da kewayen kan nono ga mata. Ga jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa. Mutumin yana da ƙuraje a tsakanin yatsu, ga wasu masu tauri a fatar maraina da kan azzakari. Ƙuraje masu ƙaiƙayi a wannan wuri ga namiji kusan kullum ƙazuwa ce. Na tambaye shi, "Malam, wa ke susa kuma a gida?" Ya ce ɗansa da ya dawo daga tsangaya wata biyu da suka wuce, sai amarya.

Kwarkwatar mara daban take, ita ana ganinta. Da fitila mai haske za ka gan ta manne a gindin gashi, ga ƙwanta liƙe da gashin ba ya fita da karkaɗewa, wani lokaci da ɗigo-ɗigon baƙi a wando, tsakanin yatsu kuwa lafiya lau. Makeron matsematsi shimfiɗa yake yi mai iyaka, bakinsa a tashe yana ɓarewa. Mace mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, wannan ba ƙazuwa ba ce. Yaron da duburarsa kaɗai yake susa da dare kuwa, a fara tunanin tsutsar ciki.

Kuskuren da na yi shi ne na ba shi magani shi da masu susa biyu kawai. Bayan wata guda ya dawo kamar ba a yi komai ba. Wanda ƙazuwa ta kama karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗa ta. Uwargida da yaranta suna ɗauke da ita shiru, ranar girkinta ya sake ɗauka.

Karo na biyu muka ƙirga kowa, mutum 11, aka yi a dare ɗaya. Man fametirin mai kashi 5 cikin 100 ya fi sauƙi: babba na buƙatar kusan giram 30, a shafa daga wuya har tafin ƙafa bayan jiki ya bushe, a bar shi awa 8 zuwa 14, a maimaita bayan kwana 7 domin ƙwan da ya ƙyanƙyashe. Inda benzil benzowet mai kashi 25 kawai ake samu, awa 24 ake barinsa, yara masu shekara 2 zuwa 12 a sirka musu rabi da rabi da ruwa, kuma a gaya wa mutane tun farko yana da raɗaɗi a gaba da inda aka sosa. Mai ciki da jariri ɗan ƙasa da wata 2 sai ma'aikacin lafiya ya zaɓa musu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne shafawar. Mutane kan shafa kan ƙuraje kawai, su bar baya, cibiya, ƙarƙashin farce da matsematsi. Sai kuma alwala: duk wanda ya wanke hannu da ƙafa don sallar asuba, ya sake shafa wa wuraren. Ƙananan yara ana haɗawa da fatar kai, a kauce wa ido da baki.

Washegari a wanke zannuwa da kayan da aka sa cikin kwana 3 na baya da ruwan zafi, a shanya a rana. Bargo da abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 ba tare da jikin mutum ba.

Ƙaiƙayi kan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada a yi ta ƙara magani har fata ta ƙone. Sababbin ƙuraje ne alamar bai ci ba. Yaron da ƙurajensa suka yi mugunya, musamman in fuska ta kumbura ko fitsari ya yi duhu, a kai shi asibiti ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari.

Kwarkwatar mara kuwa yawanci ta hanyar kwanciya ake ɗauka, don haka miji da matansa duka ake yi wa magani tare, a maimaita bayan mako guda, a duba su ko da wani ciwon sanyi. Aski kaɗai ba ya isa, domin tana komawa gashin cinya da hammata.